Alhaji, A Turo Min Hoton Asali: Abin da Kaya Ke Rasawa Tsakanin Kwari da Shago

Farar shadda ta fi kowane kaya tona asirin hoto. Adonta ba rini ba ne, saƙa ce, fari a kan fari, sai haske ya bugi zaren ta gefe sannan fulawar ta fito. Ido yana gani da kallo ɗaya. Kyamarar waya ma tana kamawa idan an ɗauka da kyau. Amma idan hoton ya bi hannu uku, ya iso wayar mai shago a matsayin sikirinshot, sai shadda mai tsada da mai araha duk su koma farin ƙyalle iri ɗaya. Mai shagon zai ɗora a Status, kwastoma ta ja hoton da yatsu biyu don ta ga adon, ta tarar da dishi-dishi, ta wuce ba tare da ta tambayi kuɗi ba.

Yanzu da yawa daga masu shagon kaya a Gusau, Azare ko Maraɗi ba sa zuwa Kantin Kwari duk lokacin da sabon kaya ya sauka. Dila ne ke turo hotuna ta WhatsApp, su zaɓa, su tura kuɗi, a sa musu kaya a mota. Da waɗannan hotunan suke yin sari, da su kuma suke tallata wa nasu kwastomomin, wani lokaci tun kayan ba su baro Kano ba. Shi ya sa ake yawan rubuta wa dila saƙo guda: don Allah a turo hoto mai kyau. Shi kuma ya sake turo wanda ya turo jiya, da zuciya ɗaya, domin a fuskar wayarsa tsaf yake ganinsa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Saƙon ne bai faɗi abin da ake so ba, kuma ba zai faɗa ba sai mai rubuta shi ya san inda hoton ya lalace.

Hanyar da hoto ke bi

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Waya mai kyamarar megafiksel 12, idan aka riƙe ta a tsaye, tana fitar da hoto mai ɗigo 3000 a faɗi da 4000 a tsayi, wato ɗigo miliyan 12. Nauyin irin wannan fayil yakan kai megabait 2 zuwa 5, gwargwadon yawan adon da ke cikinsa. Wannan shi ne hoton asali, kuma yana zaune ne a wayar da ta ɗauke shi.

Mu ɗauka yaron shagon dila ya shimfiɗa leshi a kan tebur, faɗinsa kamar santimita 120, ya ɗauka yadda leshin ya cika faɗin hoton. Ɗigo 3000 a kan santimita 120 yana nufin kowace santimita ta leshin ta samu ɗigo 25. Ɗan dutsen da aka manna a tsakiyar fulawa, mai faɗin milimita 3, ya samu ɗigo bakwai ko takwas. Wannan ya isa a ga zagayensa da ƙyallinsa, har a gane ko dutse ne ko sikwin.

Yaron ya tura wa maigidansa ta WhatsApp yadda kowa ke turawa, daga Gallery kai tsaye. Kafin hoton ya bar wayar, manhajar ta rage shi yadda dogon gefensa ba zai wuce ɗigo 1600 ba. Ya koma 1200 da 1600. A cikin ɗigo miliyan 12, ƙasa da miliyan 2 suka rage, nauyin kuma ya faɗo zuwa kilobait ɗari da wani abu ko ɗari biyu. Kowace santimita ta leshin yanzu ɗigo 10 take da shi, ɗan dutsen nan kuma 3. Har yanzu hoton bai mutu ba. A fuskar waya yana da kyau, sai an ja shi sosai ake ganin ya fara narkewa. WhatsApp ba mugunta yake yi ba, yana tausaya wa datar mutane ne, kuma ga hoton biki ko na gaisuwa wannan ragin ba ya cutar da kowa.

Inda aka yi kisan shi ne mataki na gaba. Alhaji ya buɗe hoton a wayarsa, maimakon ya tura shi gaba sai ya danna maɓallin kunnawa da na rage sauti ya ɗauki sikirinshot. Sikirinshot ba ya kwafar hoton, fuskar wayar yake kwafa. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun mafi yawan 'yan kasuwa, fuskarsu ɗigo 720 ce a faɗi da kimanin 1600 a tsayi. Leshin zai zauna a tsakiyar fuskar a kan ɗigo 720 da 960, sama da ƙasa kuma baƙi ne da agogo da alamar batir. A lissafi, ɗigo 691,200 ke nan, bai kai kashi 6 cikin 100 na hoton asali ba. Santimita guda ta leshi ta koma ɗigo 6. Dutsen bai cika ɗigo biyu ba, ya zama ɗan farin tabo da ba a san ko mene ne ba.

Sannan aka sake tura sikirinshot ɗin ta WhatsApp, aka sake matse shi. A nan ne wata ɓarnar ta biyu ke shigowa, wadda ba ta yawan ɗigo ba ce. Tsarin JPEG, wanda aka kafa tun 1992 kuma har yau yawancin hotunan waya da shi ake ajiye su, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 da 8. A kowane gida yana riƙe babban fasali ya zubar da ƙananan bambance-bambance waɗanda ya ɗauka ido ba zai yi kewarsu ba. A hoton asali gida guda kimanin milimita 3 ne na leshin, don haka abin da aka zubar kaɗan ne. A sikirinshot kuwa gida guda ya mamaye fiye da santimita ɗaya na kayan, ramukan leshi da zaren da ya kewaye su duk suna ciki, kuma su ne ainihin ƙananan bambance-bambancen da ake zubarwa. Farar shadda ta fi shan wuya, domin bambancin da ke tsakanin fulawarta da bayanta ɗan kaɗan ne, tsarin yana ɗaukarsa a matsayin abin da babu ruwan kowa da shi. Launi ma ba ya tsira. JPEG yakan ajiye bayanin launi a kan rabin faɗi da rabin tsayin na haske, shi ya sa jan zare a kan shuɗin yadi ke fitowa kamar ya zuba, alhali kayan lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya kamata mai shago ya riƙe shi ne wannan ragin ba ya komawa baya. Tela zai iya rage babbar riga ta dawo daidai jikin yaro, amma ƙyallen da ya yanke ya zubar ba zai dawo ba don maigidan ya ce yana son rigarsa. Mai aikin kwamfuta zai iya buɗa hoton 720 ya mai da shi 3000 a lamba, sai dai dishi-dishin ne zai ƙara girma, dutsen da ya ɓace ba ya cikin fayil ɗin balle a fito da shi.

Yaushe ne abin ke da muhimmanci

Ba kowace buƙata ce ke neman hoton asali ba, kuma mai shagon da ke damun dila a kan kowane turmin atamfa zai gundure shi a banza. Idan Status kawai za a ɗora, hoton da ya bi WhatsApp sau ɗaya, mai 1200 da 1600, ya wadatar, tunda Status ɗin ma zai sake matse shi. Atamfa mai manyan zane da launuka masu ƙarfi tana jure matsi sosai. Leshi, shadda, yadin maza mai siraran layuka, aikin wuya, agogo da sarƙa, su ne ba sa jurewa.

Sai kuma duk lokacin da za a yanka hoton ko a buga shi. Mai shago yakan so ya ciro kusurwa guda ta leshi ya nuna aikin dutsen kusa. Idan ya yanki kwata na faɗin hoton asali, yana da ɗigo 750, wanda ya cika fuskar waya. Idan ya yanki kwatan sikirinshot, 180 ya rage masa. A wajen bugu kuwa, masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci ga abin da za a riƙe a hannu a karanta. Takardar talla mai girman A5, santimita 14.8 da 21, tana neman ɗigo kusan 1750 da 2480 idan hoton zai cika ta. Sikirinshot mai faɗin 720 a wannan ma'auni santimita 6 kawai zai iya rufewa da kyau. Idan aka ja shi ya cika takardar, ɗigo 124 ne a inci, kuma kowa zai gani. Allon talla na ƙofar shago ya fi sassauci tunda daga nesa ake kallonsa, amma shi ma girmansa ya ninka na takarda sau da yawa, don haka 720 ba za ta kai shi ko'ina ba.

Saƙon kansa

Saƙon da ke aiki yana faɗin wane kaya, wane fayil, ta wace hanya, kuma yana ba dila dalilin da zai sa ya ɗauki wahalar. Ga irin wanda wata mai shagon kayan mata za ta iya rubuta wa dattijon da take sari a wajensa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa, ya iyali? Na ga hotunan sabon leshin, Allah ya sa albarka. Ina son in tallata kala huɗun nan: mai ruwan toka, mai ruwan ƙwai, ja da kuma fari. Sai dai waɗanda suka iso mini sikirinshot ne, idan na ja su aikin dutsen ba ya fitowa, kwastomomi suna ta tambaya. Don Allah ko za a sa wanda ya ɗauki hoton ya turo mini daga wayar da aka ɗauka da ita, ba wanda aka tura masa ba. Kada ya tura ta Gallery. Ya danna alamar maƙala takarda, ya zaɓi Document, ya ɗauko hoton daga can. Kowace kala hoto biyu ya isa, ɗaya gaba ɗayan leshin, ɗaya kusa da aikin. Idan data ce matsala zan tura wa yaron. Kuma ina neman izini in ɗora su a shafina da sunan shagona. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Jimlar da ta fi kowacce nauyi a cikin saƙon ita ce "daga wayar da aka ɗauka da ita". Mutane da yawa sun ji cewa Document ba ya rage hoto, kuma gaskiya ne: abin da aka saka shi ke fita, bait ɗaya ba ya raguwa, kuma tun 2022 WhatsApp yana karɓar fayil har gigabait 2 ta wannan hanya. Amma abin da aka saka ɗin fa. Idan Alhaji ya ɗauko hoton da yaronsa ya tura masa jiya ta hanyar da aka saba, ya turo shi a Document, mai shago za ta samu wancan matsattsen hoton ne lafiya lau, ba tare da an ƙara masa lahani ba kuma ba tare da an rage ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana da ban haushi domin kowa yana ganin ya yi abin da aka ce.

Ambaton kala huɗu da hoto bibbiyu shi ma da dalili. Hoto 8 masu megabait 3 kowanne megabait 24 ne, yaron shago zai tura yana tsaye. Idan aka ce "a turo mini duka", kuma sabon kayan kala 40 ne, an doshi megabait 120 ga hoto ɗaiɗai kawai, a cikin layukan Kwari inda sabis kan yi nauyi da rana. Sai ya ce zai turo da daddare, daga nan kuma maganar ta bi ruwa. Tayin sayen data ba don kuɗin yana da yawa ba ne. Yaron da ke ɗaukar hoton galibi da datarsa yake aiki, babu wanda ke tuna masa, kuma ranar da wata Hajiya ta tuna, hotunanta za su riga na kowa isowa.

A wayar Android alamar maƙala takarda tana gefen wurin rubutu. A iPhone alamar + ce, daga nan Document, sannan a zaɓi hoton. Wanda rubutu zai yi masa wuyar bi, gara a yi masa saƙon murya, ko a ɗauki sikirinshot na inda zai danna a tura masa. Wannan kam aikin sikirinshot ne na gaskiya.

Akwai kuma maɓallin HD da WhatsApp ya ƙaro a 2023, wanda ke saman hoton kafin a tura. Yana barin yawancin ɗigon, amma yana matse fayil ɗin duk da haka, don haka tsaka-tsaki ne: ya fi hanyar da aka saba nesa ba kusa ba, bai kai Document ba. Ga dilan da ba zai taɓa koyon Document ba, a roƙe shi ya shiga Settings, Storage and data, Media upload quality, ya zaɓi HD quality sau ɗaya ya huta. A ganina wannan ya ishi kaso mafi yawa na aikin shago, a bar Document ga abin da za a buga ko a yanka. Masu sari daga Guangzhou kuma sun san WeChat ma yana rage hoto sai mai turawa ya taɓa ɗan da'irar Original kafin ya aika, wadda a wayar Sinanci aka rubuta 原图. A Telegram ana zaɓar a tura a matsayin fayil. Gmail yana ɗaukar megabait 25 a wasiƙa guda, kimanin hoto bakwai ko takwas ke nan, abin da ya wuce haka sai a zuba a Google Drive a turo mahaɗin.

Yadda za a gane abin da ya iso

Kada a yanke hukunci da ido a fuskar waya, ita ce ta ruɗi Alhaji tun farko. A fara da sunan fayil, wanda Document ke nunawa ɓaro-ɓaro. A wayoyin Android sunaye uku aka fi gani:

```
IMG_20240312_101530.jpg
IMG-20240312-WA0015.jpg
Screenshot_20240312-101530.png
```

Na farko irin sunan da kyamara ke bayarwa ne a wayoyi da yawa, kwanan wata da lokaci. Wasu wayoyin suna da nasu salon, amma duk ba sa ɗauke da WA. Na biyu, mai WA a ciki, ya riga ya bi ta WhatsApp, wato an matse shi. Na uku ya faɗi sunansa da bakinsa.

Suna ana iya canza shi, don haka a buɗe hoton a Gallery a nemi Details. Lambobi biyu ake dubawa, faɗi da tsayi. Idan dogon gefen 1600 ne ko ƙasa, ba na asali ba ne. Idan faɗin 720 ne ko 1080 kuma hoton dogo ne siriri kamar fuskar waya, sikirinshot ne. Idan aka ga 3000 da 4000 ko kusa da haka, an dace. Nauyin fayil shi kaɗai yana iya yaudara. Sikirinshot da aka ajiye a tsarin PNG yakan haura megabait guda alhali ɗigonsa 720 ne, mutum ya ga nauyi ya ɗauka ya samu. A hoton asali Details yakan nuna har sunan wayar da ta ɗauka da ranar da aka ɗauka. Hoton da ya bi hanyar WhatsApp ta yau da kullum an goge masa wannan bayanin.

Wannan bayanin yana da amfani ga mai saye, yana kuma da abin lura ga mai turawa. Idan kyamarar wayar tana da izinin sanin wuri, fayil ɗin asali na iya ɗauke da inda aka ɗauki hoton, ko sito ne ko gida. Dilan da ba ya son a san inda sitonsa yake, ko matar da ke ɗaukar hoton kayanta a ɗakinta, su kashe wannan a saitin kyamara kafin su fara tura Document ga wanda ba su sani ba.

Wata matsalar ta iPhone ce. Tun 2017 tana ajiye hoto a tsarin HEIC, kuma idan aka turo shi yadda yake, wasu tsofaffin wayoyin Android da kwamfutoci ba sa buɗe shi. Mai shago sai ta ɗauka fayil ɗin ya lalace, alhali shi ne mafi kyawun da aka taɓa turo mata. Mai iPhone ɗin ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, hotunan da zai ɗauka daga nan za su fito a JPEG.

Idan amsar ta zo da kwana-kwana

Wani lokaci duk an bi wannan, amsar da za ta dawo ita ce: "Hajiya wallahi haka aka turo mana." Wannan amsa ce mai daraja, kada a yi fushi da ita. Ta nuna cewa dila bai ɗauki hoton ba, daga wajen nasa dilan ya zo, ko daga shafin kamfani. Hakan ba laifi ba ne, haka kasuwa take, hannu-hannu. Amma yana nufin hoton da ake kallo ba na bandir ɗin da ke shagonsa ba ne, mai yiwuwa na samfur ne da aka ɗauka a wata ƙasa ƙarƙashin fitilun situdiyo. Tambayar da ta dace ta biyo baya ita ce ko kayan suna ƙasa. Idan suna ƙasa, yaro ya fito da turmi guda bakin ƙofa ya ɗauka, aikin minti biyu ne. Idan aka ci gaba da kawo uzuri a kan aikin minti biyu, to mai shago ta san kayan ba sa hannunsa tukuna, kuma gara ta sani kafin ta karɓi kuɗin kwastoma.

Akwai kuma dilan da ke yin sikirinshot da gangan. Hoton da aka turo masa yana da sunan wani ko farashin sari a rubuce a jiki, shi kuma ba ya son abokin cinikinsa ya tsallake shi ya je tushe, sai ya ɗauki fuskar ya yanke gefen. Wannan tsoron yana da hujja, an sha yi wa mutane haka. Mai shago mai hankali ba za ta matsa sai ta ga wancan fayil ba. Za ta ce a ɗauka mata sabo, ko da tambarin dila a kusurwa, muddin bai hau kan aikin ba. Nan ne ma maganar izini ta shigo. Hoto na wanda ya ɗauke shi ne, kuma dilan da ya biya mai hoto ya yi masa aiki ba zai ji daɗi ba idan ya ga an shafe sunansa an ɗora wani ba tare da an gaya masa ba. Yawancinsu za su ce a ɗora mana, ai kayanmu ake sayarwa. Amma a bari su faɗa da bakinsu, kuma amsar ta zauna a rubuce.

Idan za a ɗauki sabo, to a ƙara jimla biyu a saƙon, domin hoton asali yana dawo da ɗigo ne kawai, ba ya gyara haske. Leshi mai ruwan toka da aka ɗauka ƙarƙashin farin ƙwan lantarki na cikin shago yana iya fitowa da shuɗi-shuɗi, a ƙarƙashin ƙwai mai ja kuma ya koma ruwan ƙasa, ko da fayil ɗin megabait 5 ne. Rigimar "ba wannan kalar na zaɓa ba" galibi daga nan take, ba daga matsi ba. A ce wa yaron ya goge gilashin kyamara da gefen rigarsa, ya fito inda hasken rana ke shigowa amma ba tsakiyar rana ba, ya kashe filasha, kada ya sa wa hoton wani gyaran launi, kuma ya matsa kusa da ƙafarsa maimakon ya ja da yatsu. Ya ajiye farar takarda a gefen kayan: idan takardar ta fito fara a hoton, launin kayan ya kusa gaskiya, idan ta fito ruwan ɗorawa to kowa ya san a rage wa abin da ido ya gani. Shadda kuma a karkata ta kaɗan, hasken ya zo ta gefe, in ba haka ba adon ba zai fito ba ko a wace kyamara.

Bayan duk wannan wahala, mai shago da kanta tana iya mai da hannun agogo baya cikin daƙiƙa biyar, idan ta buɗe fayil ɗin ta ɗauki sikirinshot don ta ɗora, ko ta tura wa mai buga takardar talla ta Gallery. Hotunan da suka zo a Document a Android suna sauka ne a jakar WhatsApp Documents, ba cikin sauran hotuna ba, kuma ranar da waya ta cika aka shiga share-share suna cikin na farko da ke tafiya saboda nauyinsu. A kwashe su tun ranar zuwa wata jaka ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, a sa wa kowanne sunan kaya da kala. Duk abin da za a yanka ko a rubuta wa farashi, a yi a kan kwafi. Mai ɗab'i kuma a tura masa na asalin, shi ma a Document.